Yadda na mayar da amsoshin kwastomomin Yaya karosel mai silaid bakwai

Yayata tana sana'ar turaren wuta da humra a nan Kano, yawancin cinikinta ta waya ne, a gani a sitatus ko a Instagram a yi magana a tura kuɗi a aika kaya. Abin da ya daɗe yana damunta shi ne mutum zai zo ya tambayi farashi, ya tambayi kala nawa ne, har ya ce a ajiye masa, daga nan kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ni na ba ta shawarar a tambayi mutanen kai tsaye, na haɗa mata tambayoyi takwas a Google Forms, ta yi ta sa linkin a sitatus da guruf ɗin kwastomominta har sati biyu. Da muka rufe, amsa 214 ta shigo. Sai ta ce min, "Auta, to ka mayar min da shi irin hotunan nan da ake ja gefe ana karantawa, in nuna musu mun ji maganarsu." Karosel take nufi. Wani mai zane da ta fara tuntuɓa ya ce dubu ashirin da biyar, kuma sai an kawo masa alƙaluman a shirye, shi zane kawai zai yi. Na ce ta bar min abin, ai kwana ɗaya ne. Kwana biyar na yi a kai, kuma zanen ma ba shi ya ci lokacin ba.

Ranar farko na yi abin da kusan kowa zai yi, na buɗe shafin Responses na fom ɗin, ga zane-zane nan an riga an yi, da'ira mai kala-kala da sanduna, na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya na manna a manhajar zane ta Canva na rubuta tambayar a saman kowanne. Minti arba'in na gama ina ta jin daɗi. Na tura wa Yaya, ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ga bois: "Na gani ya yi kyau, amma me ake so na gane a ciki?" Wallahi sai da na ji wani iri, amma gaskiya ta faɗa. Kowane silaid tambaya ce da zane a ƙasa, an bar wa mai kallo aikin ya zuƙo hoton ya karanta ƙananan rubutu ya yi lissafi da kansa, alhali mai jan waya da babban yatsa ba zai tsaya maka haka ba. Daren nan na goge duka.

Washegari na fitar da amsoshin zuwa Google Sheets, a nan na gane 214 ɗin ma ba 214 ba ce. Huɗu nawa ne na gwaji da na manta ban cire ba. Sha shida maimaici ne, lambar waya ɗaya ta cike sau biyu ko uku, galibi netwok ne ya yi musu wasa suka ɗauka bai tafi ba suka sake dannawa. Ban kunna Limit to 1 response ba da gangan, don yana sa sai mutum ya shiga da akawun ɗinsa na Google, kuma da yawa cikin kwastomomin Yaya ba za su iya tuna fasuwod ɗinsu ba, to kuɗin wannan sauƙin shi ne na zauna na tace da hannu. Akwai Remove duplicates a ƙarƙashin Data cleanup, sai dai ka haska dukkan bayanan, sannan a akwatin da zai buɗe ka zaɓi layin lambar waya kaɗai, in ka bar shi ya duba dukkan layuka ba zai ga maimaici ba tunda lokacin turawa ya bambanta. Ko a hakan sai da na fara daidaita lambobin, wata ta rubuta da sifili a farko wata ta fara da 234. Sai wasu bakwai da suka amsa tambaya ɗaya suka bar sauran fayau. Da na cire duka, 187 suka rage. Abu ɗaya da na yi daidai a ranar shi ne na kwafi shit ɗin na yi aikin a kan kwafin, asalin na bar shi yadda yake, kuma ya yi min rana daga baya da na goge wani layi bisa kuskure.

Tambayar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda aka yi binciken dominta, wato me ke hana ki ƙarasa oda. Na ba da zaɓi biyar kuma na bari mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. To irin wannan tambayar, a Sheets duk abin da mutum ya zaɓa a akwati ɗaya yake zuwa, waƙafi ne kawai ya raba su, ba za ka iya ƙirga su kai tsaye ba. Sai ka nemi wata kalma daga cikin zaɓin ka sa ta tsakanin taurari biyu:

```
=COUNTIF(D2:D188,"*kai kaya*")
```

Wannan ya ba ni 101. Amma da na zo ƙirga masu cewa kayan ne suka yi tsada sai na sa kalmar tsada kawai, lamba ta fito ƙatuwa har na fara tunanin yadda zan gaya wa Yaya ta rage farashi. Ashe zaɓi biyu ne ke ɗauke da kalmar, akwai "Kuɗin kai kaya ya yi tsada" akwai "Kayan sun yi tsada", fomular ta haɗa su duka. Da na gyara na sa "Kayan sun", mutum 37 ne kacal. Yadda na gano kuwa, na sa filta na ƙirga layi ashirin na farko da ido na ga bai yi daidai da abin da fomula ke nunawa ba. Tun daga nan duk lambar da zan sa a silaid sai na gwada ta ta hanya biyu. Ƙarshe dai abin ya tsaya haka: kuɗin kai kaya 101, tsoron a turo abin da ba shi aka gani ba 79, rashin jin ƙamshi kafin a saya 64, tsadar kayan 37, jinkirin isowa 30.

Sai na koma Canva na zuba lambobin nan biyar a zanen da'ira, irin wanda ake yankawa kamar kankana, don shi ya fi min kyau a ido. Ya nuna kuɗin kai kaya kashi 32. Na rubuta a sama da manyan baƙi cewa kashi 32 na kwastomomi kuɗin kai kaya ke hana su. Allah ya taimake ni kafin na tura wa kowa na biya wajen wani malami a unguwarmu da ya koyar da mu lissafi a sakandare, yana zaune a ƙofar gida bayan la'asar, na miƙa masa wayar. Ya ɗaga gilashi ya kalla ya ce, "Mutum nawa suka amsa?" Na ce 187, Malam. "Nawa suka ce kuɗin kai kaya?" Na ce 101. Ya ce, "To ɗari da ɗaya cikin ɗari da tamanin da bakwai ya fi rabi ko bai kai ba?" Na yi shiru. Ya ɗauki biro ya yi min a bayan katin waya. Zanen da'ira dole ne yankansa su haɗu su ba da ɗari, saboda haka ya tara dukkan zaɓin da aka danna, 311, ya raba 101 da shi. Kashi 32 ɗin na dannawa ne, ni kuma maganar mutane nake yi. In ka raba 101 da 187 kashi 54 ne. Sauran su ne 42, 34, 20 da 16, in ka tara su da 54 ɗin za ka samu 166, kuma hakan ba kuskure ba ne tunda mutum ɗaya yana iya kasancewa a wuri uku. Malam ya ce duk tambayar da aka bari a zaɓi fiye da ɗaya, da'ira ba ta da hurumi a wajen, sanduna ake yi, sannan a rubuta a ƙasa cewa an ba da damar zaɓar fiye da ɗaya don kada wani ya tara ya ce ba ka iya lissafi ba.

Tunda na samu Malam sai na nuna masa sauran. Akwai tambayar kwana nawa za ki iya jiran kaya, wadda waɗanda ke wajen Kano kaɗai aka nuna wa. Mutum 41 suka ce za su iya jiran kwana uku ko fiye in dai kuɗin aike zai ragu, ni kuma na raba da 187 na samu kashi 22, har na yanke cewa mutane ba sa son jira. Malam ya ce na ƙirga waɗanda suka ga tambayar tukuna.

```
=COUNTA(F2:F188)
```

Su 68 ne. 41 cikin 68 kashi 60 ne, wato labarin ya juye gaba ɗaya, yawancin na nesa sun yarda su jira. Ban da wannan akwai wani silaid da nake ji da shi sosai a kan kwastomomin Nijar, na rubuta kashi 73 sun fi son humra a kan turaren wuta. Malam ya tambaya su nawa ne, na ce sha ɗaya. Ya yi dariya ya ce wato mutum takwas ke nan, in biyu suka sauya ra'ayi gobe kashinka ya sauko kusan rabi. Ya ce ko na rubuta 8 cikin 11 ƙarara ko na cire. Na cire shi, da ɗan ciwon rai dai.

Akwai kuma wanda ni da kaina na san na yi wayo. Tambayar a ina kika fara ganin kayanmu, WhatsApp 96, Instagram 91, wato kashi 51 da 49. Sandunan sun fito kusan kai ɗaya, ba armashi, sai na shiga saitin na sa ma'aunin ya fara daga 45 maimakon sifili, nan take sandar WhatsApp ta fi ɗayar tsawo da rabi guda, na rubuta WhatsApp ya kayar da Instagram. Tsawon sanda shi ne abin da ido ke aunawa, in ka datse gindinta ka yi ƙarya ko da lambobin da ka rubuta daidai ne. Bambancin mutum biyar ne, kuma linkin ma a WhatsApp aka fi yaɗa shi, to ai dole. Na mayar da shi sifili na sauya kan maganar zuwa "WhatsApp da Instagram kusan kunnen doki suka yi". Yaya ma ta fi amfana da wannan ɗin, don da tana shirin rage wahalar Instagram ne.

Rana ta uku ban taɓa Canva ba sam, wuta ma babu tun safe, laftof ta mutu. Na ɗauki takarda na rubuta jimla ɗaya ga kowace tambaya, abin da zan faɗa wa mutum in mun haɗu a hanya ya ce me kuka gano. Duk tambayar da na kasa samar mata jimla na soke ta. Ta shekaru ta tafi, ta unguwa ta tafi, ta kalar kwalba ma haka, ba wai ba su da amfani ga Yaya ba, suna nan a shit ɗinta, amma ba abin da kwastoma zai ƙaru da shi. Cikin takwas huɗu suka tsira. Jimlolin nan su suka zama kan kowane silaid, a maimakon tambayar. Misali da na rubuta "Me ke hana ki ƙarasa oda?", yanzu ya koma "Fiye da rabi sun ce kuɗin kai kaya ne ke hana su". Gwajin da na yi shi ne na karanta wa ƙanwar matar yayanmu kanun kawai a jere ba tare da ta ga zane ko ɗaya ba, na ce ta maimaita min labarin, ta kuwa maimaita daidai. In kan silaid ya zo da "kuma" a tsakiya, yawanci magana biyu ce aka cusa, sai a raba ko a yar da ɗaya.

Rana ta huɗu aka yi zanen na gaske. Na buɗe shafi mai faɗin 1080 da tsawon 1350, shi ne mai tsayin da ke cika fuskar waya a Instagram, kuma duk silaid ɗin dole su zama girma ɗaya don na farko shi ke yanke wa sauran siffa. Instagram na karɓar har ashirin a karosel ɗaya amma ni bakwai na yi. Na farko bango ne, ba zane, rubutu kawai: mun tambayi kwastomomi 187 me ke hana su oda, ga abin da suka ce. Na biyu sanduna biyar a kwance, don sunayen zaɓin dogaye ne, in ka tsayar da sandunan rubutun sai ya karkace ko ya guntule. Na jera su daga babba zuwa ƙarami, ta sama kaɗai na ba kalar ruwan goro irin ta tambarin Yaya, sauran huɗun toka-toka, don ido ya faɗa kan wadda kan maganar ke nufi. Na cire layukan bayan zanen da ɗan akwatin nan mai bayanin kaloli, na rubuta kashin a bakin kowace sanda. Na uku hanyar biya ce, tiransifa 121, biya in kaya sun iso 49, POS 17, wato kashi 65, 26 da 9. Nan da'ira za ta iya yi tunda zaɓi ɗaya ake yi kuma uku ne kawai, amma na bar shi a sanduna don kada mai kallo ya sake koyon karanta sabon zane a kowane ja. Na huɗu ba zane ma, ƙatuwar lamba ce, 41 cikin 68, da layi ɗaya a ƙasa. Na biyar kunnen dokin nan. Na shida abin da Yaya za ta sauya. Na bakwai yadda aka yi binciken.

Abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Na zaɓi wani salon rubutu mai kauri mai kyau, na rubuta "kuɗin", sai ɗ ɗin ta fito siririya daban da 'yan uwanta kamar baƙuwa a gidan biki, saboda salon ba shi da ita, an aro ta daga wani ne. A kwamfuta ban lura ba sai da na sauke na duba a waya. Wasu sukan ce a bar lanƙwasar kawai, amma a silaid ɗin da ke maganar ƙamshi da kuɗi ni dai ban yarda ba. Na koma Noto Sans, yana da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana. Yanzu kafin na fara kowane aiki sai na rubuta "Ƙamshi ɗaɗɗaɗa ɓawo" na kalle shi da kyau tukuna. Sai girman rubutu, wanda ke da kyau a laftof a waya ƙwayar gero ne. Na tura wa kaina na fita tsakar gida cikin rana da tsohuwar wayar Mama mai fashewar gilashi, duk abin da sai na matso da ita fuskata na ƙara masa girma ko na cire shi. Tokar da na sa wa ƙananan rubutu ma sai da na ƙara mata duhu. Wajen tura wa Yaya ta duba kuma na koyi a tura a matsayin Document, in ka tura a matsayin hoto ana matse shi rubutun ya ɗan dushe, sai ka ɗauka zanenka ne ya lalace.

Silaid na bakwai mun ɗan yi ja-in-ja da Yaya a kansa. Na rubuta mutum nawa suka amsa, a wane wata, ta wace hanya, da cewa kwastomominta ne da mabiyanta, ba dukkan masu sayen turare ba. Ta ce, "Auta wannan ai rage wa abin daraja ne, ka rubuta matan Kano kawai mana." Na ce Yaya ba mu tambayi matan Kano ba, waɗanda ke da lambarki kuma suka ga dama suka cike su muka ji, wadda ta yi fushi ta goge lambarki ma ba ta ciki. Ta ce to na ji. Bayan haka na sa ɗan layi a ƙasan kowane silaid mai zane, "Mutum 187 suka amsa" ko "Mutum 68 na wajen Kano", don mutane na ɗaukar silaid ɗaya su tura guruf shi kaɗai, in ba a jikinsa adadin yake ba shikenan ya rabu da shi. Lambobin waya kuwa ko kusa ba su shiga ba, haka maganganun da wasu suka rubuta da kansu, guda ɗaya na so sakawa amma duk wanda ke guruf ɗin zai gane mai maganar, na haƙura.

Da zan sake yi, daga fom ɗin zan fara gyara. Ba zan sa kalma ɗaya a zaɓi biyu ba, ba kuma zan sa waƙafi a cikin zaɓi ba don yana rikita rarrabewa. Zan buɗe shafi guda a shit ɗin mai layi uku kawai ga kowace lamba, nawa suka ce, cikin nawa, kashi nawa, daga nan kaɗai zan riƙa kwafa zuwa Canva, don sau biyu ina gyara lamba a zane na manta ban gyara ta a kan maganar ba. Kuma zan kai wa Malam lambobin tun suna kan takarda, kafin na ɓata dare ina zaɓen kala. Kuɗin da na kashe bai wuce na data da cajin laftof sau biyu a shagon mai janareta ba, Canva ɗin ma na kyauta na yi amfani da shi.

Ranar ta biyar da daddare muka saka. A silaid na shida Yaya ta sanar cewa na wajen Kano za a riƙa tara odarsu a aika tasha sau biyu a sati a raba kuɗin mota, mai gaggawa kuma ya biya nasa shi kaɗai, sannan za ta fara sa ɗan ƙullin gwaji na wani turaren a cikin kowace oda saboda masu cewa ba su ji ƙamshi ba. Can wajen sha ɗaya wata ta yi magana a ƙasa ta ce ta tara kason silaid na biyu ta samu 166, anya kuwa. Kafin na gama rubuta amsa wata ta riga ni, ta ce mata ta duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan zanen.